An ce sankarar idon ɗana ta gado ce, alhali babu mai ita a danginmu

Tambaya: Likita, ina zaune a Agege, kuma na yi makarantar kiwon lafiya, don haka na san sankara daga lalacewar ƙwayar gado take tasowa. Ɗana mai wata 14 an gano masa retinobilastoma a ido biyu, aka ce ta gado ce. To ni da mahaifiyarsa lafiyarmu ƙalau, babu mai ita a dangi. Tsohuwata ta ce daga gidan su matata ne. Ga shi matar tawa tana da ciki wata 7. Wanda ke tafe ma zai kamu?

Amsa: Malam, Allah Ya ba yaro lafiya. Tunda kana da karatun, ba sai na fara daga baƙi da wasali ba.

Ƙwayoyin gadon da ke da hannu a sankara kashi biyu ne, kuma lissafinsu ya sha bamban. Akwai onkojin, irin su RAS da MYC, waɗanda asalin aikinsu su ce wa ƙwayar halitta ta rabu. Akwai kuma masu danne ƙari, irin su RB1 da TP53 da BRCA1, masu ce mata ta dakata. Kowace daga cikinsu kwafi biyu muke da ita, ɗaya daga uba ɗaya daga uwa. Ɗauki babur ɗin ɗan acaɓa. Onkojin totur ne: in ya maƙale sau ɗaya, babur ya ƙwace. Masu danne ƙari kuwa birki ne, na gaba da na baya. In ɗaya ya tsinke, ɗayan zai riƙe, mai babur ya yi ta aikinsa ba wanda ya san da matsala. Sai na biyun ya tafi ake jin labari. Shi ya sa lalacewar kwafi ɗaya ta isa a onkojin, amma a ɗaya ɓangaren sai biyun duka. Ba kasafai ake gadon lalataccen onkojin ba, sai 'yan kaɗan kamar RET. Yawancin sankarar da ke bin dangi ta ɓangaren masu danne ƙari ce, kuma ciwon ɗanka shi ne wanda aka fara gane haka da shi.

A 1971 Alfred Knudson ya duba bayanan masu wannan ciwo su 48. Ya lura masu ido biyu sun fi kamuwa da wuri, sau da yawa da ƙari fiye da ɗaya, masu ido ɗaya kuma sai sun ɗan tasa, ƙarinsu guda. Ya ce bugu biyu ake buƙata, wato lalacewa biyu, abin da daga baya aka gane lalacewar kwafi biyun na RB1 ce. Yaron da aka haifa da RB1 biyu lafiyayyu, sai an yi rashin sa'a bugun biyu sun faɗa kan ƙwayar halitta guda a tantanin bayan ido, abin da ke da wuyar faruwa, balle a maimaita a ɗaya idon. Shi kuwa wanda ya zo duniya da bugun farko, kowace ƙwaya a jikinsa kwafi ɗaya take rataye da shi. Tantanin bayan ido na da miliyoyin ƙwayoyi da ke ta rabuwa tun yaro na ciki har shekarunsa na farko, to da wuya a rasa wadda za ta yi asarar na biyun. Shi ya sa kusan 90 cikin 100 na masu ɗauke da bugun farko suke kamuwa. Knudson da lissafi kawai ya faɗi haka. Sai a 1986 aka kamo RB1 ɗin kanta, a kuromosom na 13.

Yanzu ga maganar da nake ji kusan kullum a ɗakin duba yara, kuma ta sa mun yi asarar idanu, har da rayuka: "Ai babu a danginmu, kuma sauran yaran idonsu garau." Bugun farko ba ya da alama. Ba ya zafi, ba ya ja, ba ya hawaye. Jariri zai bi fitila da ido, ya yi wa uwarsa murmushi, alhali ƙari kamar ƙwayar gero yana zaune a gefen tantanin. Ranar da uwa ta ga fari a tsakiyar baƙin ido, ko idon ya yi ƙyalli kamar na kyanwa a hoton waya, ko ya fara karkacewa, ƙarin ya riga ya yi nisa. A nan kuma masu ba da shawara suke fitowa. Wannan ta ce hakiya ce, a ɗiga nono. Wancan ya ce a sa kwalli. Mai kemis ya ba da maganin ɗigawa, mai tallar magani da lasifika a bakin tasha ya ce shi daga tushe yake cire ta. Ni dai ban taɓa ganin ɗigon da ya mayar da RB1 da ta ɓace ba. Abin da nake gani shi ne yaro an kawo shi bayan wata shida, ido ya bulluƙo waje, an rufe da ɗankwali, ciwon ya bi jijiyar gani ya nufi ƙwaƙwalwa. Wani abin takaicin, wasunsu daga Idi-Araba suke, inda asibitin koyarwa yake a bakin ƙofarsu. Ƙarin da aka kama yana ƙarami ana ƙone shi da leza ko a daskarar da shi, ido ya tsira da ganinsa. In ya cika idon, cirewa ce ke ceton rai, kuma iyayen da suka gudu da yaro saboda an ambaci cire ido, galibi sukan dawo lokacin da cirewar ma ba ta isa ba.

Kalmar gado ita ke ruɗa mutane. Duk yaron da ciwon ya kama masa ido biyu muna ɗaukarsa a matsayin mai bugun farko a dukan jikinsa. Wannan ba ya nufin iyayensa suna da shi. A yawancin irin waɗannan yara sabon kuskure ne da ya auku a ƙwayar maniyyi ko ta ƙwai da aka yi cikinsu da ita, kuma bincike ya nuna ya fi aukuwa ta wajen uba. Ka faɗa wa Hajiya wannan cikin ladabi. Ba wai laifin ya dawo kanka ba, don ba abin da ka ci ko ka sha ya jawo shi, amma a bar baiwar Allah ta ji da cikinta da jinyar ɗanta.

Game da na cikin: ku biyun ku je a sa muku maganin buɗe ido a leƙa tantaninku. Wani lokaci ana samun tabon ƙarin da ya tsaya da kansa a idon uba ko uwa da ba su taɓa sanin suna da komai ba. In aka samu, ko gwajin jini ya nuna ɗayanku na ɗauke da canjin, kowane ciki rabi da rabi ne ya gada, wato haɗarin kamuwa kusan 45 cikin 100. In ba a samu komai ba, haɗarin ya sauko zuwa wajen 2 cikin 100. Ya yi kaɗan, amma ya ninka na sauran jarirai sau ɗaruruwa, don a jama'a ɗaya ne cikin haihuwa 15,000 zuwa 20,000. Gwajin RB1 yana da tsada kuma ba ko'ina ake yinsa ba, to kada jiransa ya hana duba ido. Likitan ido ya ga jaririn a makonninsa na farko, kada a ce sai an yi arba'in, kuma a riƙa komawa a ranakun da aka rubuta har ya wuce shekara 5. In akwai yayye ƙanana, a kai su tare.

Shi kuma majinyacin, bugun farkon yana ƙashinsa da fatarsa, ba a idonsa kaɗai ba. Yana da ƙarin haɗarin sankarar ƙashi lokacin samartaka, kuma gasa ƙari da na'ura, wato rediyoterafi, yana ƙara wannan haɗarin, shi ya sa likitocinsa za su fi son kemo da leza in da hali. Ciwon gwiwa ko kumburin da ya ƙi tafiya a jikinsa ba na mai ɗori ba ne. Ka adana katinsa na asibiti da sakamakon gwaje-gwajensa wuri guda, domin in ya girma ya yi aure, kowane ɗa nasa rabi da rabi ne, kuma likitan da zai duba su zai nemi takardun nan.