Yadda ake duba katan ɗin man shafawa kafin a biya dila

"Ina sayar da kayan kwalliya. Kwanan baya mata uku suka dawo mini da man shafawa, suka ce ya tsinke kamar ruwa, ɗaya ma har ƙuraje ya feso mata. Yaya zan gane jabu ko wanda aka yi wa algus tun kafin in jera shi a kanta?"

Malama, da wuya ido ya gane jabu idan babu na gaske a gefensa. Saboda haka duk man da kike yawan sayarwa, ki sayi kwalba ɗaya daga wakilin da kamfanin ya amince da shi, ki ajiye ta domin gwaji kawai.

A ce katan mai kwalba 48 ya iso. Ki zaro biyar daga sama da tsakiya da ƙasa, domin mai algus yakan jera na kirki a sama. Ki fara da lambar rukunin da aka buga a gindin kwalba, ki gwada ta da wadda ke jikin kwalinta; idan suka saɓa, wannan kaɗai ya isa a mayar da kayan. Daga nan ki karkata kwalbar a haske, ki dubi wurin kwanan wata. Masu sabunta kayan da wa'adinsu ya ƙare sukan goge tsohon rubutu da sinadarin cire jan farce su buga sabo, sai wurin ya dushe, ya rasa sheƙin sauran robar. Alamar buɗaɗɗen gwangwani mai rubutun 12M kuwa, wadda ke ruɗa 'yan kasuwa da yawa, ba ranar ƙarewa ba ce: tana nufin wata 12 bayan an buɗe murfi.

Sikeli yana kama kwalbar da aka rage, amma ba ya kama wadda aka tsarma wa ruwa, domin nauyin man ruwa-ruwa da na ruwa kusan ɗaya ne. Abin yi shi ne ki sadaukar da kwalba ɗaya, ki ɗiga man a kan madubi kusa da ɗigon na gwajinki, sannan ki jingine madubin. Wanda aka surka zai riga gangarowa, kuma idan ya kwana biyu a ƙaramar kwalba mai haske, sau da yawa za ki ga ruwa ya ware. A ganina wannan ya fi ƙarancin kauri illa, domin ruwan yana raunana sinadarin da ke hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa a cikin man, kuma mai yiwuwa nan ƙurajen suka samo asali.

Duk wannan ba ya amfani idan kuɗi sun riga sun fita. Ki sa dila ya rubuta lambar rukunin a rasit, ku kuma yi yarjejeniya cewa cikon kuɗi sai bayan kwana uku na dubawa. Ragowar rukunin da aka dawo miki da shi kuwa, ki sauke shi daga kanta yau, ki adana kwalba biyu a rufe domin kai ƙara ga hukumar da ke kula da ingancin kayan kwalliya.