Tambaya da Amsa: Manhaja ta ba mai neman aiki shaidar da ba shi da ita

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ce ke kula da ɗaukar ma'aikata a wata ƙungiya a Kaduna. Mun tallata gurbin akanta ɗaya, takardun neman aiki suka zo sama da ɗari uku. Na riƙa zuba su goma-goma a ChatGPT yana ba su maki. Sai na lura wanda na fara sakawa kusan kullum shi ke sama, kuma ChatGPT ɗin ya rubuta wa wani cewa yana da shaidar ICAN ta ƙwararrun akantoci, na duba takardarsa ban gani ba. Maigidana a wurin aiki ya ce tunda ChatGPT yana kawo dalilansa a ci gaba. Hankalina bai kwanta ba, ina tsoron cin haƙƙin wani.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ki dakatar da jerin nan, kada a kira kowa ganawa da shi tukuna.

Wanda ke fitowa sama don an fara sa shi, wannan sanannen ciwo ne na irin waɗannan manhajoji. Gurbin da takarda ta zauna a cikin saƙo yana taɓa makin da za ta samu. Wata manhajar tana karkata ga na farko, wata ga na ƙarshe, na tsakiyar dogon saƙo kuwa su ake yawan yi wa karatun sama-sama. Gwajinsa ba wuya. Ki ɗauki takardu biyu da suka yi kusa da juna, ki sa ta farko a sama ki nemi maki. Ki buɗe sabuwar hira, ki juya su, ki sake nema da umarni iri ɗaya. A ce da farko an ba su 8 da 6, da kika juya sai wadda ta ci 6 ta koma 8, ɗayar ta sauko 7. To ba takardar ake aunawa ba. Duk biyun da juyawa ta sauya wanda ya yi nasara a tsakaninsu, ki ɗauka canjaras suka yi, ki karanta da idonki. Maganin da ya fi sauƙi shi ne ki daina zuba su goma-goma: takarda ɗaya, hira ɗaya, ma'auni ɗaya a rubuce.

Maganar maigidanki ce ta fi damuna, domin kusan kullum sai na ji ta daga bakin wani: wai tunda ta yi bayani, ai ta yi tunani. Wallahi wannan fahimtar ta fi makin kansa haɗari. Manhajar nan aikinta haɗa kalma bayan kalma yadda za su dace da abin da ya gabata. In ta riga ta rubuta 8, za ta samar da sakin layi mai kyau da ya dace da 8. In da 5 ta rubuta wa takardar nan dai, da ta kawo wani sakin layin mai kyau daidai da wancan. Kamar dillali ne a kasuwar dabbobi, duk ragon da aka miƙa masa igiyarsa yana da abin yabo a kansa. A shekarar 2023 masu bincike sun gwada haka: suka jera misalan tambayoyi ta yadda amsar daidai kullum take zaɓi na farko, manhajar ta koma karkata ga zaɓin farko, amma a bayanin da take rubutawa kusan ba ta taɓa ambaton cewa jerin ne ya ja ta ba. Wasu dalilai take kawowa masu kama da hankali. Saboda haka kada ki sa rai za ta ce miki “na fifita shi ne don shi kika fara sakawa”. Kada kuma ki tambaye ta ko ta tabbata. Sau da yawa haƙuri za ta ba ki ta sauya amsa, ko da ta farkon ce daidai. Masu tara mutane a otal su karɓi kuɗi da sunan koyar da tace ma'aikata cikin minti biyar ba sa faɗin wannan, don in sun faɗa babu mai sayen kujera.

Ki koma takardar mutumin nan na ICAN, ki danna `Ctrl+F` ki nemi kalmar. Ina kyautata zaton ɗaya daga cikin biyu za ki tarar. Ko dai ya rubuta `ICAN (in view)`, wato yana kan hanya bai kammala jarrabawa ba, manhajar ta haɗiye sharaɗin ta mayar da shi mai shaida. Ko kuma babu kalmar sam, ta ga digirin akanta da shekaru a banki sai ta cike da abin da ya saba zuwa tare da su. Haka take yi da lissafin shekarun aiki. Mutum ya rubuta hidimar ƙasa 2019 zuwa 2020, aikin wucin gadi 2020 zuwa 2021, sannan wani aikin da ya fara a 2021 ya bari a 2022, sai ki ga an ce yana da gogewar shekara biyar ko shida, alhali in aka bi watanni da ƙyar ya kai uku. In kuma takardar hoto ce aka ɗauka da waya, rubutun ya dushe, ba lallai ta ce miki ba ta iya karantawa ba.

Don haka kada ki fara da neman maki. Ki rubuta sharuɗɗan gurbin da kanki, huɗu ko biyar: cikakkiyar shaidar ICAN ko ANAN, shekara uku a aikin akanta ban da hidimar ƙasa, iya aiki da manhajar lissafin kuɗi ta QuickBooks ko Sage, da sauransu. A kowane sharaɗi ki umarce ta ta kwafo ainihin jimlar da ke cikin takardar, harafi da harafi, in babu ta rubuta “babu”. Ranakun fara aiki da barinsa ta jero su kawai, ke ki yi lissafin a Excel, makin ma a can za ki haɗa. Jimlar da aka kwafo ana iya nemanta a takarda cikin daƙiƙa kaɗan, in ba ta nan kin kama ƙarya. “Yana da gogewa sosai” kuwa babu yadda za ki bincika shi.

Kafin ki sake zuba na mutane, ki ƙirƙiri takardar gwaji wadda kin san ba ta da shaidar, ki ga ko za a ba ta. Sannan ki ɗauki takarda ɗaya ki sauya suna kawai, na namiji zuwa na mace, ko na Arewa zuwa na Kudu, ki ga ko sakamako zai motsa. Amazon da girmansa ya yi watsi da wata manhajar tace ma'aikata da ya gina, kamar yadda Reuters ta ruwaito a 2018, bayan an gano tana rage wa takardun da suka ambaci mata daraja. Cire suna, hoto, jiha, ranar haihuwa da lambar waya kafin ki loda yana rage wannan, yana kuma kare sirrin mutane.

Kuma kada ki tsaya duba na sama kaɗai. Wanda aka ƙara wa shaidar ƙarya za a kama shi ranar ganawa in an ce ya kawo takardunsa na asali. Wanda aka rage wa tasa babu mai kiransa, ba zai ma san an yi ba. Ki zaro ashirin daga waɗanda aka zubar, ba tare da zaɓe ba, ki karanta su da kanki. In kika sami ko biyu da suka cika sharuɗɗa, aikin gaba ɗaya sai an sake. Ki kai wa maigidan sakamakon juyawar nan da takardar mai ICAN a buga, ki kuma tuna masa cewa dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ba mutum haƙƙin ƙin a yanke masa hukunci mai nauyi da na'ura kaɗai, ba tare da ɗan Adam ya duba ba.