Amsa kan hoton yaro da sunansa

"Makarantar ɗana a Tawa ta saka hotonsa da cikakken sunansa a shafinta. Yaya zan rubuta su daina?"

'Yar'uwa, ki rubuta wa darakta da kansa, kwafi biyu, ya buga hatimi da kwanan wata a naki. Da baki na fara gaya wa makarantar 'yata, sai da hoton ya ƙara wata biyu.

Ki faɗi ranar da aka saka shi, ki haɗa da hoton shafin. Ki ce ba ki yarda ba, domin suna da rigar makaranta sun isa baƙo ya kira yaro a ƙofa. Ki nemi a goge cikin kwana 7, har a rukunin iyaye. In sun ƙi, ki kai kwafinki HAPDP, hukumar kare bayanan sirrin mutane, a Yamai.