Neman konje gab da sallar layya: a raba shi biyu ko a rage kwanaki?

Tambaya: Salamu alaikum ƴan uwa. Ina riƙe da kes a wata ajans ta aika kuɗi a nan Tawa, mu uku ne a gishe. Za a ɗaura auren ƙanwata a Maraɗi ranar Asabar, saura kwana 11 ga sallar layya. Ina son sati uku don in haɗa biki da salla a gida, amma ina tsoron shef ya ƙi gaba ɗaya. In nemi ukun, ko in rage?

Amsa: Wa alaikumus salam ƴar uwa, Allah ya sanya albarka a auren.

Kada ki kai masa takarda da sati uku a dunƙule. Zai ƙi, kuma da zarar ya ce a'a ga takardar farko, ta biyu za ta iske shi ya riga ya ɗaure fuska. Amma ki sani ba kwana 21 ɗin ba ne damuwarsa. Akwai wasu kwanaki ƙalilan a ciki da ba zai iya tafiyar da gishe da mutum biyu ba, kuma aikinki shi ne ki gano su, ki bar masa su tun kafin ya nema, ki ɗauki sauran.

Gano su ba wuya, tunda ke ce ke rufe kes kowace yamma. Ki duba rajistan bara na satuttukan da suka gabaci layya, ki ga adadin mutanen da aka sallama kowace rana. A Tawa an san yadda abin yake: ƴan ci-rani na Abijan da sauran wurare suna turo kuɗin rago da na ɗinkin yara, kuma yawanci ba sa turowa da wuri, sai kwanaki sun ƙure. Abin da za ki gani shi ne layi yana soma tsawo wajen kwana goma kafin salla, ya kai maƙura a kwana uku ko huɗu na ƙarshe, bayan salla kuma ya faɗi warwas. Idan ƙarshen wata ya faɗo cikin waɗannan kwanaki, masu albashi ma suna aika wa ƙauye, cunkoso ya zama biyu. Ki rubuta alƙaluman a ƴar takarda ki riƙe. Shef da aka nuna wa lissafin gidansa ba ya musu kamar wanda aka ce wa “ai ba za a yi cunkoso ba”.

Kafin ki yanka kwanakin, ki san abin da ke hannunki. Dokar aiki ta Nijar ta 2012 ta ba ma'aikaci kwana biyu da rabi a kowane watan aiki, wato kwana 30 a shekara, kuma ana samun damar cin su bayan an cika wata 12 ana aiki. Abin da mutane da yawa ke mantawa shi ne kwanakin kalanda ake ƙirgawa, ba ranakun aiki kaɗai ba. Lahadin da ta faɗo tsakiyar hutunki tana cikin lissafi. Konjen haƙƙinki ne, amma ranar fita sai da amincewar mai gidan aiki, shi ya sa maganar ta zama ta ciniki.

To, mu yi lissafin naki. Idan biki Asabar ne kuma saura kwana 11, salla za ta kama Laraba ta sati na biyu bayansa. Kashi na farko ki nemi daga Laraba kafin biki zuwa Lahadi, kwana 5. Laraba ta hanya ce, don daga Tawa sai kin gangara wajen Ƙonni kafin ki miƙe Maraɗi, rabin yinin ya tafi. Alhamis da Juma'a na lalle da hidimar gida, Asabar ɗaurin aure da kai amarya, Lahadi ki kamo hanya. Litinin da safe kina gishe, saura kwana tara ga salla, wato duk kwanakin zafi kina nan. Kashi na biyu kwana 16 ne, ya fara daga Litinin ta biyu bayan salla, ya ƙare ranar Talata, ki koma aiki Laraba. Biyar da sha shida sun ba ki 21 ɗin da kike so, kuma kina da sauran kwana 9 a ajiye.

Na ce Litinin ta biyu, ban ce ta farko ba, don satin da ke bin salla kowa ke son sa. Abokan aikinki biyu su ma suna da iyaye da za su je gaisarwa, kuma idan kika bar musu wannan satin, kin sami abin da za ki biya su da shi a kan kwana huɗun aiki da za su riƙe miki, Laraba zuwa Asabar. Ki duba kuma kada kwana 16 ɗin su hau kan ƙarshen wata; in sun hau, ki tura su gaba zuwa bayan 5 ga wata.

Abin da za ki rasa a wannan tsari shi ne yin salla a Maraɗi. Gaskiya ce mai ɗaci, amma gara ki faɗa wa su Inna tun yanzu da ki sa musu rai. Mai riƙe da kes ba ya samun jajibirin layya, ko wane ne shef.

Ki shirya tayi na biyu a ranki, amma kada ki sa shi a takardar farko. Shi ne Juma'a zuwa Lahadi, kwana 3, sai ragowar ta zama 18. Duk wanda aka ba zaɓi biyu a lokaci ɗaya, ƙaramin yake ɗauka, don haka ki fara da biyar ɗin. Sai in ya ce Laraba da Alhamis ba za su yiwu ba, sannan ki sauko. Ƙasa da ukun nan kuwa babu, domin tafiya da dawowa sun cinye biyu. Idan ya nemi ki tafi Juma'a da dare ki dawo Lahadi, wannan ba konje ba ne, musayar rana ce da abokiyar aiki, kuma bai kamata a cire miki komai ba sai Asabar ɗin. Ki tambayi mai kula da ma'aikata ko auren ƙanwa yana cikin sha'anonin iyali da gidanku ke ba da izini na musamman a kansu, don irin wannan izinin ba a cire shi daga konje. Na auren mutum da kansa da na haihuwa da rasuwa an saba da su. Na ƙanwa ya danganta da abin da ke rubuce a gidanku.

Ki fara da baki kafin takarda. Ki same shi lokacin da ba layi, ba da safe ana buɗe kes ba, ba kuma ranar da aka sami gibi ba. Maganar ba ta da tsawo: “Shef, ina da auren ƙanwata ranar kaza. Na san kwana goman ƙarshe kafin salla ba a barin gishe, shi ya sa ban nemi su ba. Ina neman Laraba zuwa Lahadi, Litinin ina nan har a yi salla. Ragowar kwana 16 in ɗauka daga ranar kaza. Na yi magana da abokan aikina, sun yarda su riƙe.” Sai ki yi shiru ki bar shi ya yi magana. Kada ki ce kina da haƙƙin kwana 30, ya san da haka, kuma faɗinsa a nan yana mai da shawara ta zama gardama. Tun yanzu ya kamata a yi wannan, da sauran wata guda ko fiye, kafin wani ya riga ki ajiye takarda.

Inda rabon konje ya fi lalacewa shi ne kashi na biyu. Shef ya ce “je ki bikin, sauran ma gani bayan salla”, ke kuma don murna kika amsa. Bayan salla wata ta tafi hutun haihuwa, sai ga komawar ƴan makaranta a Oktoba da nata cunkoson, sai ƙarshen shekara, kwana 16 ɗin sun bi ruwa. Wani lokaci ma shef ɗin ne ake canja wa wuri, sabon ya ce shi bai san zancen ba. Maganinsa takarda ɗaya mai ɗauke da kashi biyun: ranar fita da ranar komawa ta kowanne, adadin kwanakin kowanne, jimilla 21, ragowa 9. Ya sa hannu, a buga hatimi, ki riƙe kwafi. Idan ya ce ba zai iya tsayar da ranar kashi na biyu yanzu ba, ki ba shi ranaku biyu ya zaɓi ɗaya, ko a rubuta cewa za a ɗauka kafin ƙarshen wata kaza. Shef da ya yarda da kashin farko da sauri amma ya ƙi rubuta na biyu, alama ce ba shi da niyyar bayarwa. Ki tambayi kontabul kuma yadda za a biya kuɗin konjen idan an raba, ko duka a fita ta farko ko kowane kashi da nasa, a san wannan kafin ki tafi.

Ranaku na kalanda za ki rubuta, kada ki rubuta “kwana kaza kafin salla”. Ranar layya ba ta tabbata sai an ga watan Zulhajji, tana iya gusawa da kwana ɗaya, kuma ba ki son a zo ana ja-in-ja a kan ko Litinin ce ko Talata.

Yardar abokan aikin ma kada ta tsaya tsakaninku. Su faɗa a gaban shef, a rubuta sunan wadda za ta karɓi kes ɗinki. Ranar Talata da yamma ku ƙirga kuɗin tare, takardu da silalla, ku gwada da abin da na'ura ta nuna, ku sa hannu ku biyu a takardar miƙa kes. Duk wani aike da ya maƙale, ko kwastoman da aka ce ya dawo da katin shaida, ki rubuta mata su. Lambar sirrinki ta shiga na'ura kuwa kada ki ba kowa, ko da shef ne ya ce a yi hakan don sauƙi. Ta yi aiki da tata. Gibin da aka samu da lambarki, ke za a tambaya, ko kina Maraɗi lokacin.

Kada kuma ki yarda a daddatsa ragowar, kwana uku nan, biyu can. Kowane guntu yana cin kuɗin mota da kwana biyu na hanya, ki ƙare shekara ba ki huta ba. Kashi biyu ya isa, na biyun ya zama a haɗe.

Tikitin dawowa ki saye shi tun ranar da kika isa Maraɗi, na motar safiyar Lahadi, don motoci suna cika idan salla ta matso. Dangi za su ce ki ƙara kwana ɗaya a ga ɗakin amarya, ki ba su haƙuri. Idan Litinin ta yi ba ki gishe, kin ba shef hujjar taɓa kwana 16 ɗin nan, kuma abokan aikin da suka riƙe miki su ne za su sha layin.