Diyazefam da fenobabital: ina bambancin?

"Tunda duka biyun a makarɓar GABA-A suke aiki, me ya sa ake cewa diyazefam ya fi fenobabital sauƙin haɗari in aka sha da yawa?"

Duka biyun magunguna ne masu kwantar da jijiyoyi. Makarɓar GABA-A na da ƙofar da sinadarin kulorayid ke bi ya shiga ƙwayar jijiya ya kwantar da ita. Diyazefam ba ya buɗe ƙofar nan da kansa. Sai GABA, sinadarin ƙwaƙwalwa mai kwantar da jijiyoyi, ya zo, sannan diyazefam ya sa ƙofar ta riƙa buɗewa akai-akai, don haka ƙarfinsa yana da iyaka. Shi kuwa fenobabital tsawaita buɗewar yake yi, in ya yi yawa kuma ya buɗe ta ko babu GABA, har numfashi ya tsaya.

Amma fa sauƙin nan sai in diyazefam kaɗai aka sha. A ɗakin gaggawa, wanda ya haɗa shi da giya ko kodin ne muke gani numfashinsa na ja baya. Maganin fulumazenil na karya diyazefam, kodayake yana iya tada farfaɗiya ga wanda jikinsa ya saba da diyazefam. Fenobabital ba shi da makari.