Wasiƙar neman kuɗin hadis, wato faifan kwamfuta na adana karatu

"Ni ke ɗaukar karatun masallacinmu a Tudun Wada, Zariya. Zan rubuta wa kwamiti su saya mana hadis na ajiya. Me zan sa a wasiƙar?"

Ɗan'uwa, Allah ya saka da alheri. Ka nemi hadis biyu, domin shi ma hadis yana mutuwa, musamman in ya faɗi ko aka zare shi ana tsakar kwafi. In ka ji yana ƙas-ƙas, ka kwashe komai nan take. Ɗaya ya zauna a masallaci, ɗayan a gidan sakatare, duk wata a sabunta shi.

Sannan ka yi wa dattawan lissafi. Tafsirin azumi, awa biyu kullum, awa 60 ke nan. In murya ce ta MP3 a 128kbps, awa ɗaya kusan 58MB ce, duka bai kai 4GB ba. Amma bidiyon 1080p kan ci wajen 6GB a awa, wato 360GB. Ka ga azumi biyu kawai 1TB zai ɗauka, don haka 2TB za ka rubuta.

Ka haɗa da takardar farashi daga shago biyu a Sabon Gari, ka kuma faɗi wanda zai riƙe kowane hadis.