Wa'adin mayar da kuɗin tikiti daga littafin kashe kuɗinka yake fitowa

"Maigida, an ba ni aikin rubuta ƙa'idar mayar da kuɗi ta taron da za mu yi ƙarshen Nuwamba. Ni dai so nake in rubuta 'ba a mayar da kuɗi' in huta. Ko kuwa in ce wanda ya fasa mako guda kafin taro a ba shi rabi? Yaya ake yanke wa'adin, kuma nawa ya kamata a mayar?"

Yaro, ajiye biron tukuna ka ɗauko littafin da muke rubuta abin da za mu biya da ranar da za mu biya shi. Daga nan ake fara wannan aikin. Ranar da kuɗi ya bar hannunka ba zai dawo ba, ita ce ranar da ikonka na mayarwa yake raguwa, kuma ita za ta faɗa maka inda za ka kafa wa'adi.

Mu ɗauki taron naku. Ranar Asabar 30 ga Nuwamba za a yi shi. A ce tikiti ɗaya 100 ne, ko da wane irin kuɗi kake lissafi. Cikin 100 ɗin nan, 3 na kamfanin da ke karɓar mana kuɗi ta kati ne, kuma tun a daƙiƙar da mutum ya biya suka cire abinsu. Da yawa daga cikin irin waɗannan kamfanoni ba sa dawo da cajinsu ko da ka mayar wa mai saye kuɗinsa, saboda haka ka karanta yarjejeniyarmu da su kafin ka yi wa kowa alkawari. Sai 45 da ke tafiya wajen zauren taro da masu jawabi, wanda cikonsa za mu biya saura kwana 21, wato 9 ga Nuwamba. Sai 30 na abin da ake yi bisa yawan kai: kujerar haya, katin suna, jaka da takardu. Wannan kuma ranar 23 ga Nuwamba muke ba da adadi na ƙarshe, daga nan ko mutum ya zo ko bai zo ba mun biya masa. Ragowar 22 ita ce talla da guminmu.

To duba abin da lissafin ya nuna. Wanda ya fasa kafin 9 ga wata, 3 kawai muka kashe a kansa, kuma akwai sauran makonni uku da za a sayar wa wani kujerarsa. Ba mu da hujjar riƙe masa fiye da 3 ɗin nan, sai mu ba shi 97. Wanda ya fasa bayan mun biya zaure, 48 ta riga ta fita a kansa. Idan muka ba shi rabi, 50 ɗin da ta rage a hannunmu ta rufe 48, ba mu ci riba a kansa ba, ba mu kuma yi asara ba. Ka ga rabin da ka ambata yana da tushe, amma ba a ko'ina ba: a taron da zaurensa ya cinye 70 cikin 100, mayar da rabi cin bashi ne. Wanda ya fasa bayan 23 ga wata kuwa, 78 ta tafi, kuma da wuya a sami mai saye cikin kwanakin da suka rage. Wannan ba mu da abin ba shi sai damar ya sa sunan wani a madadinsa.

Kada ka ɗora wa'adin mai saye daidai kan ranar da kai za ka biya. Ja shi baya da kwana uku, don ka sami sukunin ƙirga waɗanda suka fasa kafin ka ba da adadi. Wa'adin farko ya zama Laraba 6 ga Nuwamba, na biyu Laraba 20 ga Nuwamba. Na zaɓi tsakiyar mako da gangan, lokacin da akwai mutum a ofis da zai duba saƙo.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna a tambayarka, wato "mako guda kafin taro". Na taɓa rubuta ta da hannuna shekarun baya, kuma na sha wuya a kanta. Wata baiwar Allah ta turo saƙon fasawa da misalin ƙarfe tara na daren Asabar, taro kuma Asabar mai zuwa ƙarfe goma na safe. Ni a lissafina kwana bakwai cif sun cika tun ƙarfe goma na safiyar ranar, ta makara da awa sha ɗaya. Ita a nata lissafin Asabar zuwa Asabar mako guda ne, ranar kuma ba ta ƙare ba. Na zauna na sake karanta abin da na rubuta, na ga babu inda ya ce ita ce ba ta da gaskiya. Na biya ta, na kuma biya wasu huɗu da suka zo da irin maganarta. Laifin na rubutuna ne. Tun daga ranar ban sake sa wa'adi ba tare da abu huɗu ba: sunan rana, kwanan wata, ƙarfe nawa, da agogon wane wuri. Kuma ka rubuta 11:59 na dare, kada ka rubuta 12 na dare, domin sha biyun daren Laraba wani zai ɗauka daren da Laraba ke shiga ne, wani kuma daren da take fita. Agogon kuwa na garin da za a yi taron, tunda mai saye yana iya kasancewa a ƙasar da ta riga mu ko ta bi bayanmu da awanni.

Sai ka faɗi abin da ake ƙirgawa: lokacin da saƙo ya iso gare mu, ba lokacin da muka amsa ba. Ka kuma ba da ƙofa ɗaya tak, adireshin imel guda ko fom guda. In ka bari ana fasawa ta waya, ko ta gaya wa wani ma'aikaci a hanya, ranar rigima babu shaidar da za ka nuna, shi ma mai sayen ba shi da ita.

Ga yadda ni zan rubuta wannan ɓangaren:

"Idan ka fasa zuwa, turo lambar tikitinka ta imel ɗin da ke kan rasit. Saƙon da ya iso mana kafin 11:59 na daren Laraba 6 ga Nuwamba, agogon garin taro, za mu mayar da abin da ka biya ban da kashi 3 cikin 100 na cajin kati. Daga nan zuwa 11:59 na daren Laraba 20 ga Nuwamba, za mu mayar da rabin abin da ka biya. Bayan haka ba ma mayar da kuɗi, amma kana iya sauya sunan da ke kan tikitin kyauta har zuwa 6:00 na yammacin Alhamis 28 ga Nuwamba."

Lura da "abin da ka biya". Ban ce kuɗin tikiti ba. Wanda ya sayi nasa da wuri a kan rangwame ya biya 80, rabinsa 40 ne, ba 50 ba, kuma in ba ka rubuta haka ba zai zo da 50 a bakinsa. Inda abin ya fi sarƙewa shi ne sayen gungu. A ce wata ƙungiya ta sayi biyar da rangwamen kashi 10 cikin 100 saboda sun kai biyar, suka biya 450. Kafin wa'adin farko biyu suka fasa. Su za su ce a ba su 90 sau biyu, 180. Kai za ka iya cewa ukun da suka rage ba su kai a yi musu rangwame ba, kuɗinsu 300 ne, saura 150. Duka lissafin biyu suna da kan gado, kuma tazarar 30 ta isa ta ɓata tsakaninku. Ni na fi son in lissafa a kan 90 ɗin, in cire cajin kati kawai, don ƙungiyar da ta kawo mini mutum biyar bana ita nake fatan gani baɗi. In za ka bi ɗaya hanyar, babu laifi, amma ka rubuta ta kusa da inda aka ambaci rangwamen.

Duk wannan maganar wanda ya fasa da kansa ce. Idan mu muka soke, babu matakala babu cire-cire: a mayar da komai, har da 3 ɗin kati, mu ɗauki asarar. Mutum ya biya don a yi masa taro, ba a yi ba. Nan ne "ba a mayar da kuɗi" ɗinka zai ba ka kunya, domin a ƙasashe da dama dokar kare masu saye ba ta barin irin wannan jimla ta rufe bakin wanda aka karɓi kuɗinsa ba a ba shi komai ba. Ko ba a je ga hukuma ba, wanda ya biya da kati yana iya kai ƙara bankinsa a janye kuɗin daga asusunmu, galibi cikin kwana 120, kuma a kan abin da aka saya don gaba ana fara ƙirgawa ne daga ranar da ya kamata a yi shi. Sannan a ɗora mana cajin ƙarar a kai. Masu sana'ar nan da yawa sun koyi wannan a 2020, lokacin da annobar korona ta rufe zauruka. Ɗagewa kuma ka ba ta layinta daban: tikiti yana aiki a sabuwar ranar, wanda ba ta yi masa ba yana da kwana 14 daga ranar sanarwa ya nemi kuɗinsa cikakke. Haka in wurin taro ya koma wani gari.

Wajen biya, kuɗi ya koma ta hanyar da ya shigo, katin da ya biya ko asusun da ya turo. Idan wani ya ce katin ya ɓace, a tura wani asusu dabam, tsaya ka bincika. Ana sayen tikiti da katin sata a nemi a mayar ta wata hanya, daga baya mai katin na gaskiya ya kai ƙara, ka biya sau biyu. Ka rubuta cewa mu za mu saki kuɗin cikin kwana 7 na aiki, banki kuma yakan ƙara kwana 5 zuwa 10 kafin ya bayyana a asusu. Wannan layin kaɗai zai rage maka kiran waya.

Rasuwa da rashin lafiya mai tsanani ba na sa su cikin matakalar. Layi ɗaya nake rubutawa, cewa muna duba irin wannan ɗaya bayan ɗaya, kuma in ya zo ka kawo mini, kada ka yanke kai kaɗai.

Idan ka gama, a sa ƙa'idar a shafin biya, sama da maɓallin da ake dannawa, da akwatin da mai saye zai yi wa alamar ya yarda, a kuma maimaita ta a rasit. Ka adana kwafinta da kwanan watan da ta fara aiki, domin wanda ya saya jiya da ƙa'idar jiya za a yi masa hukunci ko da mun sauya ta yau. Kafin ka kawo mini, ba wa wanda bai san taron ba ya karanta, ka tambaye shi: na biya 80, na turo saƙo ranar 12 ga Nuwamba, nawa zan samu? In bai ce 40 nan take ba, koma ka gyara jimlar da ta sa shi tsayawa.